Ina matan suka shiga a tarihinmu?

*Tambaya: Malam, ina koyar da tarihi a sakandare ta 'yan mata. Littafin da muke amfani da shi daga Bagauda har zuwan Turawa maza ne zalla, in ban da Sarauniya Amina da aka ba sakin layi ɗaya. Ɗalibaina sun tambaye ni ko babu wasu matan da suka yi mulki ko fatauci ko malanta. Da gaske akwai su, ko dai yanzu ne ake ƙirƙiro su don a faranta mana rai?*

Malama, akwai su, kuma wasunsu hujjar da muke da ita a kansu ta fi ta sarakuna da yawa da ɗalibanki ke haddace sunayensu ƙarfi. Abin da ya ɓoye su shi ne irin takardar da masu rubuta littattafan makaranta suka dogara da ita. Tarihin da aka saba koyarwa an gina shi ne a kan jerin sarakuna da labarin yaƙe-yaƙe: wane ya hau, ya yi shekara kaza, ya yaƙi gari kaza, ya rasu. Takarda irin wannan ba ta da gurbin da za ta sa malamar da ta karantar da mata a ƙauye, ko matar da ta tara dukiya da kaɗi daga cikin ɗakinta. Sai an buɗe wasu takardun, an kuma koyi karanta su. Amma zargin da kika yi ma yana da tushe, domin a cikin abin da ke yawo a waya akwai ƙari da yawa, don haka zan nuna miki yadda ake rarrabewa.

Mu fara da Amina ɗin, tunda ita kowa ya sani. Abin da zai ba ki mamaki shi ne, ita da ta fi kowa suna, tana cikin waɗanda hujjarsu ta fi ƙaranci. Rubutattun madogara biyu ne manya. Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda wani Baturen mulki mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato tsakanin 1421 da 1438 bisa lissafinsa. Ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma ta yi shekara 34 tana wannan aiki. Na biyu shi ne Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda aka rubuta a 1812, inda ya ce 'yar Sarkin Zazzau ce, ta yi yaƙi har Katsina da Kano suka ba ta gandu, ta rasu a Atagara. To amma riwayar Zazzau kanta tana danganta ta da Bakwa Turunku, wanda ake sa mulkinsa wajen 1536, shi ya sa wasu masana ke cewa ta hau mulki a 1576. Kin ga tazarar kusan shekara 150 ke nan tsakanin lissafi biyu. Bugu da ƙari, jerin sarakunan Zazzau da aka fi sani bai sa sunanta a cikin waɗanda suka hau karaga ba. Wannan bai sa ta zama tatsuniya ba, domin madogara biyu da ba gari ɗaya suka fito ba sun yarda a kan mace mayaƙiya daga Zazzau, ga kuma ganuwoyin da har yau ake kira ganuwar Amina. Sai dai ki gaya wa ɗalibanki cewa hoton nan nata a kan doki da takobi zanen mutanen zamaninmu ne, kuma duk wanda ya ba ta ranar haihuwa takamaimai ƙago ta ya yi.

A cikin wannan kundi na Kano akwai wasu matan da ke zaune a fili amma ido ke tsallake su. A babin Sarki Kisoki, jikan Rumfa, an faɗi ƙarara cewa ya riƙe garin ne tare da mahaifiyarsa Iya Lamis da kakarsa Madaki Auwa da ɗan'uwan kakar, Guli. Jimla ɗaya ce, amma tana faɗa miki inda iko yake a gidan Rumfa a ƙarni na 16. Mai taƙaita tarihi don jarrabawa zai ɗauki sunan sarki da shekarunsa, ya zubar da wannan jimlar.

Sunayen sarautu ma hujja ne. A yau idan aka ce Iyan Zazzau, namiji ne da rawani. Ki tambayi kanki yadda aka yi namiji ya zama Iya. Amsar tana Suleja. Sarakunan Haɓe na Zazzau da jihadi ya kora sun gangara kudu suka kafa Abuja ta asali, wadda yanzu ake kira Suleja, suka tafi da tsohon tsarinsu, kuma a can Iya da Sarauniya sarautun mata ne na gidan sarauta. A Zariya sunan ya zauna, mai riƙe da shi ne ya sauya. Haka a Gobir akwai Inna, wadda ake zaɓa daga gidan sarauta, ita ce shugabar mata da 'yan bori, kuma tana da magana a fada. Ki riƙe sunan Inna, za mu dawo kanta.

Yanzu ga wadda nake so ki gina darasinki a kanta, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Dalilina shi ne ita ba labarinta wasu suka ba mu ba, rubutunta muke da shi, kimanin ayyuka 60 da Larabci da Fulatanci da Hausa, da yawansu ɗauke da shekarar da aka yi su. An haife ta a Ɗegel wajen 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka yunwa da gudun da jama'ar Shehu suka sha kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808 da idonta ta gan su. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, ta rasu wajen 1864, kabarinta yana Hubbare kusa da na mahaifinta.

Kuskuren farko da ake yi game da ita shi ne a nuna ta kamar tauraruwa ɗaya tilo a sararin da babu kowa. Gidan da ta tashi mata masu karatu sun cika shi. Yayarta Hadiza ta mayar da Muhtasar na Halilu zuwa Fulatanci, wanda duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san ba ƙaramin littafi ba ne. Ƙanwarta Maryam ma marubuciya ce. Shehu kansa a Nurul Albabi ya caccaki malaman da ke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya ce suna ɗaukarsu kamar kayan aikin gida da ake amfani da su har su lalace a yar. Tun yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara wani malami daga Barno, Mustafa Gwani, ya soke shi a waƙe kan barin mata suna halartar majalisinsa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya mayar da martani a waƙe cewa barinsu cikin jahilci ya fi muni. Abdullahi ya adana wannan musayar a Tazyinul Waraƙati. Ashe gardamar karatun mata ta girmi makarantar boko da fiye da shekara 100 a ƙasar nan.

Abin da ya bambanta Asma'u da sauran shi ne tsarin da ta kafa bayan rasuwar yayanta Sarkin Musulmi Bello a 1837, wanda ake kira 'Yan Taru. Matsalar da ta tarar a fili take. Yaƙe-yaƙe sun tara mata masu ɗimbin yawa a ƙauyuka da ribaɗoɗin kewayen Sakkwato da Wurno, da yawansu kamammu ne daga Gobir da Kabi da Zamfara, Hausa suke ji, ba su jin Fulatancin da malaman jihadi suka yi yawancin waƙoƙinsu da shi, balle Larabci. Idan yaro ya yi zazzaɓi ko haihuwa ta zo da gardama, wurin 'yan bori suka sani. Matar aure mai ƙananan yara kuma ba za ta bar gidanta ta yi tafiyar kwana biyu don karatu ba, mijinta ma ba zai bari ba.

Sai ta juya lissafin. Maimakon ta nemi matan aure su zo, ta nemi waɗanda al'ada ta yarda su yi tafiya: dattijai mata da suka wuce haihuwa, da 'yan mata ƙanana da ba a kai ga aurar da su ba. Kowane ƙauye ko rukunin ƙauyuka yana da shugaba, mace mai hankali da riƙon amana, ana kiranta jaji. Ki lura da kalmar, daga bakin fatake aka aro ta, sunan mai jan ayari ne. Jaji ita ke tara matan, ta shige gaba, su taka a ƙasa har gidan Asma'u. Suna zuwa da sadaka daga abin da suke da shi, hatsi, zuma, man shanu, zare ko ƙyalle, ita kuma ta raba wa mabukata da marasa lafiya. Su zauna kwanaki suna ɗaukar karatu, su koma su shiga gida gida suna koyar da matan da ba su samu fita ba. Da haka karatu ya isa cikin kulle ba tare da an karya kullen ba.

Naɗin jaji shi ne wurin da na fi ganin kaifin basirarta. Asma'u takan ba ta malfa, hular nan mai faɗi ta saƙar ciyawa, a naɗa mata jan rawani a kai. Malfa kuwa alama ce da matan yankin suka sani a kan Innar Gobir, uwar bori. Duk macen da ta hango mai malfa tafe ta san shugaba ce ta mata, ba sai an yi mata bayani ba. Asma'u ta ɗauki alamar ikon da mata suka riga suka sani, ta ɗora ta a kan malama. Wanda ya karanta tarihin jihadi daga jerin yaƙe-yaƙe kawai zai ce Gobir ta faɗi a 1808, shi ke nan. Amma gwagwarmayar da aka yi a kan wa mata za su saurara ta ci gaba shekaru da dama bayan haka, kuma a tsakar gidaje aka yi ta.

Me ake koyarwa? Waƙa ce littafin karatun, saboda mafi yawan ɗaliban ba su iya karatu ba, kuma waƙa mai amsa-amo tana zama a ka, ana iya rera ta ana daka ko ana kaɗi. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin baiti kusan 30, ta fara yin ta da Fulatanci da sunan Sunago wajen 1829, daga baya aka samu ta Hausa. Akwai Goɗaben Gaskiya, mai bayanin farillai da halayen ƙwarai da sakamakon lahira. Akwai Tabbat Haƙiƙa, wadda asalinta ta Shehu ce da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa wajen 1831, ƙanenta Isa ya yi wa waƙar tahamisi, wato ya ƙara wa kowane baiti layuka har ya zama mai biyar. Mutane da yawa da suka taso suna jin ana rera ta ba su san hannun mace ne ya zuba ta a Hausa ba, kuma wannan ita ce hanya ta biyu da mata ke ɓacewa: aikin ya rayu, sunan ya koma kan uba ko ɗan'uwa.

Bari in bi miki waƙa ɗaya daga tushe, don ki ga yadda mai bincike ke aiki, kuma za ki iya yin wannan a allo tare da ɗalibanki. Waƙar ita ce Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Asalin kayan cikinta daga wani littafin Ibnul Jauzi ne, malamin Bagadaza na ƙarni na 12, wanda ya tara tarihin bayin Allah salihai maza da mata. Bello ya tsamo labaran mata daga ciki ya yi littafin nasiha da Larabci, a zube. Asma'u ta ɗauki wannan ta mayar da shi waƙa da Fulatanci, sannan da Hausa. Mataki uku ke nan: daga Larabcin malamai, zuwa harshen gidan Shehu, zuwa harshen matan ƙauye. Waƙar ta fara da matan Annabi da 'ya'yansa, ta bi ta kan irin su Rabi'atul Adawiyya da Nana Nafisa ta Masar, sannan ta iso gida, ta ambaci matan jama'ar Shehu da sunayensu, irin su Joɗa Kawuri masaniyar Alƙur'ani, da 'Yar Hindu, da Amina Lubel, da Habiba mai karantar da mata. Waɗannan sunaye ba za ki same su a jerin sarakuna ko labarin yaƙi ba. Mace ce ta rubuta su, ta kuma sa su a sahu ɗaya da manyan waliyyan duniyar Musulmi, don matar da ke saurare a wani ƙauyen Rima ta san cewa abin bai tsaya a Basra da Masar ba.

Ta yaya muka san shekarar waƙa irin wannan? Ta ramzi. Marubutan wancan zamani sukan rufe waƙa da wata kalma wadda idan aka tara ƙimar haruffanta za ta ba da shekarar hijira. Ɗauki kalmar nabshiru. Haruffanta huɗu ne: nun 50, ba 2, shin 1000, ra 200. Jimla 1252. Don a kusanto da ita ga lissafin miladiyya sai a ninka da 0.97 a ƙara 622, a samu 1836 da 'yan kai. Shekarar 1252 ta faro a 1836 ta ƙare a 1837, wato daidai lokacin da aka yi wannan waƙa, Bello yana ƙarshen rayuwarsa. Ga inda ɗalibai ke faɗuwa, na kuma sha ganin haka: lissafin abajada iri biyu ne. A na gabas shin 300 ne, a na Magrib wanda malamanmu suka bi shin 1000 ne. Wanda ya yi amfani da na gabas zai samu 552, ya jefa waƙar cikin ƙarni na 12, shekara 700 kafin a yi ta. Idan lissafin ramzi ya ba ki shekarar da marubucin bai rayu a cikinta ba, kafin ki ce waƙar jabu ce ki duba wace abajada kika ɗauka. Sannan a kula, wani lokaci ramzin na mai fassara ne ko mai kwafi, shi ya sa waƙa ɗaya kan zo da shekara biyu, ta Fulatanci daban, ta Hausa daban.

Marsiyoyinta su ne taskar da na fi so. Ta yi wa manya, Abdullahi da Bello da mijinta Giɗaɗo, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta yi wa matan da ba 'ya'yan kowa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, tana yabon kirkinta da sulhunta 'yan'uwa. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wurin mata masu naƙuda, tana wankan gawa, tana koyar da addini. Ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa wajen 1858, inda ta bayyana cewa da bazara da damina da kaka da hunturu tana kan hanya tana kawo mata ɗalibai. Daga wannan marsiya kaɗai mai tarihi zai fitar da abubuwa uku: tafiyar ba ta shekara sau ɗaya ba ce, jaji aiki ne na tsawon rai, kuma shekara 20 bayan kafa tsarin yana nan yana gudana. Ga shaida daga cikin zamanin, da bakin mai abin.

Tsarin bai mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryam ta karɓa, bayanta kuma wata mai suna Ta Modi. Maryam ɗin nan ta zauna a Kano a matsayin matar Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, sannan ta koma gida. Da tsufanta, lokacin da zancen bayyanar Mahadi ya sa mutane suna ta kwashe iyali suna nufar gabas, ta rubuta wa Sarkin Kano wasiƙa tana cewa lokacin ƙaurar da Shehu ya yi nuni da shi bai yi ba. Mace ce ke ba sarki fatawa kan al'amarin da ya shafi zaman daula, kuma an nemi ra'ayinta ne saboda ana ganin ta fi kowa sanin abin da mahaifinta ya faɗa.

To me ya sa duk wannan bai shiga littafinku ba? Takardun suna nan a gidan Waziri, zuriyar Asma'u da Giɗaɗo, kuma mutanen Sakkwato ba su taɓa mantawa da ita ba, ga makarantu da 'ya'ya mata masu sunanta. Amma waɗanda suka fara rubuta tarihin daular da boko sun fi bin littattafan Larabci na siyasa da yaƙi da wasiƙun sarakuna. Waƙoƙin ajami na Fulatanci da Hausa an ɗauke su kayan wa'azi, ba madogarar tarihi ba. Sai da Jean Boyd, wata Baturiya da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta zauna da Waziri Junaidu ya buɗe mata taskar gidansu, ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997. Manhajar makaranta kuwa a hankali take tafiya, kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri.

Ina roƙonki kada ki gyara labarin Asma'u ya dace da zamaninmu. Asma'u 'yar gidan mulki ce, ta goyi bayan jihadi da zuciya ɗaya, ta yi waƙar murnar nasarar Gawakuke ta 1836 inda aka karya Gobirawa da abokansu. Al'ummar da ta rayu a ciki tana da bayi, kuma wasu daga cikin matan da aka karantar yaƙin gidan su Asma'u ne ya raba su da garuruwansu. Aikinta na ilimi yana da manufar raba mata da bori. Idan kika ba da labarin daga ɓangarenta kaɗai, kin yi wa Inna da matan Gobir abin da littafinku ya yi wa Asma'u. Su ba su bar rubutu ba, sai dai a nemi muryarsu a Tsibiri da Sabon Birni da Maraɗi, inda sarautun mata irin su Inna da Iya suka ci gaba.

Saura 'yan kasuwa, kuma su ne suka fi wuyar kamawa, domin malama takan bar takarda, sarauniya takan bar suna a bakin maroƙa, mai dukiya kuwa dukiyarta ake rabawa a watse. Duk da haka akwai inda suke ɓullowa. Baturen matafiyi Clapperton, a tafiyarsa ta biyu a 1826, ya sauka a Wawa ta ƙasar Bargu ya haɗu da wata gwauruwa mai suna Zuma, wadda aka ce tana da bayi 1,000, mai arzikin da har sarkin garin yake ɗari-ɗari da ita. Shi ya ba da labarinta ne a matsayin abin dariya, wai tana son ta aure shi. Ki cire dariyar ki duba abin da ya rage: mace a kan hanyar fataken goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa, da dukiya da mabiyan da suka isa su tsorata sarki. Haka ake karanta rubutun matafiya, a ɗauki abin da idonsu ya gani, a ajiye fassarar da suka yi masa.

Mafi yawan cinikin mata kuwa ba shi da suna ko ɗaya. Wani matafiyi Bajamushe, Barth, ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ana ambaton wannan adadi a yabi masaƙa da marina da fatake. Amma kowane zare da ya shiga turkuɗi ko rigar saƙi sai da wata mace ta gurje audugar, ta shiɓe ta, ta kaɗa da mazari. Kaɗi aikin mata ne, kuma mai kaɗi ɗaya ba ta iya ciyar da masaƙi ɗaya, sai an tara na mata da yawa. Zaren yakan fita daga gida ta hannun yara ko dillaliya, kuɗin ya dawo ya shiga adashi, ko ya zama akuya, ko kayan ɗakin 'ya. Baturen da ya tsaya a kasuwar Kurmi yana ƙirga rumfuna ba zai ga wannan ba. Polly Hill, Baturiya mai bincike da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna cewa hatsi da abinci mai yawa a cikin gidaje ake cinikinsa ta hannun matan kulle da yaran talla, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Labarin Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 kuma Mary Smith ta rubuta rayuwarta daga bakinta a 1949 da 1950, cike yake da irin wannan: wa ta kaɗa, wa ta sayar, wa ta ba ƙawarta gudummawar biki, nawa aka mayar.

Idan kina son ɗalibanki su taɓa abin da hannunsu, ki ba kowace aikin zama da tsohuwar da ta fi kowa shekaru a danginsu, da tambayoyi ƙayyadaddu. Kada su ce "ba mu labarin da", don za a ba su labarin sarki. Su tambaya: wa ya koya miki alwala da karatun salla, ita kuma wa ya koya mata? Wace waƙar wa'azi kakarki ke rerawa, ki rera mana ko baiti biyu? Wace sana'a take yi a ɗaki, wa ke kai mata kasuwa, me ta bari da ta rasu, gona ko shanu ko tasoshi? Wace mace ce ake kai wa ƙara a unguwa, da wane suna ake kiranta, Magajiya ko Iya ko Uwar Soro? Su rubuta sunan garin da kimanin shekarun mai maganar, su kuma raba abin da ta gani da idonta da abin da aka ba ta labari. Baitocin da suka samo ki gwada su da bugaggun waƙoƙin Asma'u. A yankin Sakkwato da Kabi da Zamfara ba abin mamaki ba ne ki tarar tsohuwar da ba ta taɓa riƙe littafi ba tana ɗauke da baitocin Goɗaben Gaskiya ko Tabbat Haƙiƙa a ka, ta ce miki daga bakin kakarta ta ɗauka.